Asaba a Rabon Gado: Tambayoyi da Amsoshi Kan Masu Cin Ragowa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa a bakin magada idan an zauna rabon gado, musamman a gidan da mamaci bai bar ɗa namiji ba. An bi mazhabar Malikiyya a amsoshin, tunda da ita alƙalai da malaman ƙasar Hausa suke raba gado. Inda wata mazhaba ta saɓa a kan abin da ya shafi asaba, an faɗa.

1. Wane ne asaba, kuma me ya bambanta shi da sauran magada?

Magada iri biyu ne. Akwai masu yankakken rabo, waɗanda Alƙur'ani ya faɗi kasonsu a suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Matar mamaci tana cikinsu, shi ya sa kowa ya san tumunin takaba. Sai kuma asaba, wanda ba a yanka masa komai ba. Shi jira yake yi a sallami masu yankakken rabo, abin da ya yi saura ya kwashe.

Saboda haka asaba yana da hali uku. Idan babu mai yankakken rabo ko ɗaya, dukiyar duka tasa ce. Idan akwai su, ragowa ce tasa, ko da yawa ko kaɗan. Idan rabonsu ya cinye dukiyar, ya tashi hannu rabbana. Asalin wannan shi ne hadisin Abdullahi ɗan Abbas da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya yi umarni a ba masu yankakken rabo nasu, abin da ya rage kuma na namijin da ya fi kusa da mamaci ne.

Mutane da yawa suna mamaki idan aka ce musu ɗa namiji ba shi da wani adadi da aka yanka masa. Haka ne kuwa. Ɗa shi ne shugaban asaba, kuma abin da yake samu ragowa ce. Sai dai shi asaba ne da ba ya taɓa tashi babu komai, domin kasancewarsa tana rage rabon wasu, tana kange wasu gaba ɗaya, har dole a sami saura.

2. Su wa da wa ke cikin asaba, kuma wa ke gaba?

Asaba na asali, wanda malamai ke kira asaba bin nafsi, shi ne duk namijin da babu mace tsakaninsa da mamaci a salsalar nasaba. Jerinsu kamar tsani yake: ɗa, sai ɗan ɗa har ƙasa, uba, kaka na wajen uba tare da 'yan'uwan mamaci, 'ya'yan 'yan'uwa maza, baffanni, sannan 'ya'yan baffanni maza. Littattafai suna ƙara wanda ya 'yanta bawa a ƙarshe, amma wannan ba ya zuwa gaban alƙali yanzu.

Abu uku ake dubawa, ɗaya bayan ɗaya. Da farko ɓangare: na 'ya'ya yana gaban na 'yan'uwa, na 'yan'uwa yana gaban na baffanni. Don haka ɗan wan mamaci, ko yana goye, yana gaban baffan mamaci mai furfura. Idan ɓangare ɗaya ne sai a dubi kusanci: ɗa yana gaban ɗan ɗa, ɗan'uwa yana gaban ɗan ɗan'uwa. Idan kusancin ma ɗaya ne sai a dubi ƙarfin dangantaka: shaƙiƙi, wanda suka haɗa uwa da uba, yana gaban li'abbi, wanda suka haɗa uba kawai.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne a sa ƙarfi gaban kusanci. Mutum ya rasu ya bar ɗan'uwansa li'abbi da kuma ɗan shaƙiƙinsa. Dangin ɗakinsu za su so su ce nasu ya fi cancanta tunda ciki ɗaya suka fito da ubansa. A'a. Li'abbi ya fi kusa da mataki ɗaya, shi zai ɗauka duka, ɗan shaƙiƙi ba shi da komai.

3. Kawu da ɗan'uwa na wajen uwa fa, su ma asaba ne?

Ba asaba ba ne, domin ta mace suka haɗu da mamaci. A nan sai an yi hattara da harshe, saboda a wasu garuruwa ana ce wa ƙanin uba kawu, a ce wa ƙanin uwa kawu. Mai raba gado ba ya wadatuwa da sunan da ake kiran mutum a gida, sai ya tambaya: wan mahaifinsa ne ko wan mahaifiyarsa? Idan na wajen uba ne, to sun haɗa uba da mahaifin mamaci ko uwa kaɗai suka haɗa? Baffan da ya haɗa uwa kawai da mahaifin mamaci ba ya cikin asaba. Haka ɗan 'ya, da ɗan 'yar'uwa, da kakan wajen uwa.

Ɗan'uwa li'ummi, wanda suka haɗa uwa kawai da mamaci, shi magaji ne, amma cikin masu yankakken rabo: sudusi idan shi kaɗai ne, sulusi idan sun kai biyu, kuma namiji da mace daidai suke rabawa. Ba ya samun ko wannan idan mamaci ya bar ɗa ko 'ya, ko jika ta wajen ɗa, ko uba, ko kakan wajen uba.

4. Idan asaba maza ne, me ya sa ake cewa 'ya mace ta zama asaba?

Mata huɗu suna barin yankakken rabonsu su koma cin ragowa idan akwai namiji takwaransu: 'ya da ɗa, 'yar ɗa da ɗan ɗa, shaƙiƙiya da shaƙiƙi, li'abbiya da li'abbi. Wannan shi ake kira asaba bil gairi, kuma a nan ne ake cewa namiji yana da rabon mata biyu. 'Yar da take ita kaɗai tana da rabin dukiya. Da zarar tana da ɗan'uwa ɗaya, an daina maganar rabi, sai a kasa ragowa uku, ya ɗauki biyu ta ɗauki ɗaya.

Daga nan ƙasa wannan hukunci ya tsaya. Ɗan ɗan'uwa ba ya jan ƙanwarsa cikin gado, baffa ba ya jan gwaggo, ɗan baffa ba ya jan 'yar baffa. Mazan su kaɗai suke ɗauka. Dalilin da malamai ke bayarwa shi ne waɗannan matan tun asali ba su da yankakken rabo, don haka babu abin da zai juye ya koma asabanci.

5. An ce 'yar'uwa tana iya hana baffa gado. Ta yaya?

Wannan shi ne nau'i na uku, asaba ma'al gairi. Idan mamaci ya bar 'ya mace ko 'yar ɗa, ba ɗa namiji, ba uba, sai shaƙiƙiyarsa ko li'abbiyarsa wadda ba ta da ɗan'uwa namiji tare da ita, to ita ce za ta ɗauki ragowa. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Abu Musa al-Ash'ari game da 'ya da 'yar ɗa da 'yar'uwa, ya ce 'ya rabi, 'yar'uwa rabi. Da aka je wa Abdullahi ɗan Mas'ud sai ya ce zai yi hukunci da abin da Annabi (SAW) ya yi: 'ya rabi, 'yar ɗa sudusi cikon sulusi biyu, saura na 'yar'uwa.

Abin da ke tayar da ƙura shi ne, shaƙiƙiya a wannan hali tana tsayawa a matsayin shaƙiƙi namiji. Tana kange ɗan'uwa li'abbi, da 'ya'yan 'yan'uwa, da baffanni da 'ya'yansu. A gidan da ake da ɗakuna uku ko huɗu, ba ƙaramin abu ba ne a ce wa maza 'yan uba ga ƙanwarsu ta ɗauki saura su kuma babu. Amma hukuncin ke nan, kuma yana nan a babin gado na Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaure.

6. Ku kawo misali da kuɗi, daga farko har ƙarshe.

Mu ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya mata biyu, da shaƙiƙi ɗaya, da shaƙiƙiya ɗaya, da li'abbi ɗaya, da baffa. An yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, an yi wa gida da gona kuɗi, abin da ya rage naira 7,200,000 ne. Kafin a taɓa lissafi sai a tantance asaba: babu ɗa, babu uba, babu kaka, don haka shaƙiƙi ne da 'yar'uwarsa. Li'abbi da baffa sun fita. Mata tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, uwa sudusi, 'ya'ya biyu sulusi biyu. Adadin da zai ɗauki tumuni da sudusi da sulusi ba tare da gutsure ba shi ne 24: mata 3, uwa 4, 'ya'ya 16. Jimla 23, saura 1.

Wannan ɗayan za a kasa shi uku tsakanin shaƙiƙi da shaƙiƙiya, to sai a ninka komai sau uku, 24 ya koma 72, kowane kaso naira 100,000. Mata ta sami 900,000, uwa 1,200,000, kowace 'ya 2,400,000, shaƙiƙi 200,000, shaƙiƙiya 100,000. Ga namijin da ya fi kowa faɗa a ji a gidan, wanda wataƙila shi ya tsaya kan jana'iza da zaman makoki, ya tashi da abin da bai kai kwatan na matar ɗan'uwansa ba.

Yanzu a sauya mutum ɗaya. Da ɗaya daga cikin 'ya'yan namiji ne, mata da uwa suna nan yadda suke, amma sauran 5,100,000 ya zama na 'ya'yan: ɗa 3,400,000, 'ya 1,700,000, 'yan'uwan mamaci babu ko kwabo. Da kuma shaƙiƙin ne babu, shaƙiƙiya za ta ɗauki 300,000 ita kaɗai ta bar li'abbi a waje, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 5. Da babu su duka biyun, 300,000 ɗin na li'abbi ne. Sai idan shi ma babu, kuma babu ɗan ɗan'uwa namiji, sannan a waiwayi baffa.

7. Uba mai yankakken rabo ne ko asaba?

Duka biyun, gwargwadon wanda mamaci ya bari. Idan akwai ɗa namiji ko ɗan ɗa, uba yana da sudusi kawai. Idan babu 'ya'ya ko kaɗan, asaba ne zalla. Idan 'ya'ya mata ne kaɗai, sai a ba shi sudusi tukuna, in an sami saura ya ƙara da shi. Mutumin da ya bar 'ya ɗaya da uba, 'ya ta ɗauki rabi, uba ya ɗauki sudusi ya haɗa da ragowar sulusi, shi ma rabi ke nan.

Amfanin wannan sudusi yana fitowa ne ranar da babu saura. A misalin tambaya ta 6, da uban mamaci yana raye, zai kange 'yan'uwa duka, a ba shi 4 cikin 24. Jimla ta koma 27, ta wuce asalin, sai a raba dukiyar 27, kowa nasa ya ɗan ragu. Wannan shi ake kira auli. Da uba asaba ne kawai, da ɗaya cikin 24 zai samu.

Sai mas'aloli biyu da ake kira Garrawaini: miji ko mata tare da uwa da uba, ba 'ya'ya, ba 'yan'uwa biyu. A nan uwa tana ɗaukar sulusin abin da ya rage bayan an sallami miji ko mata, ba sulusin dukiya duka ba. Da miji, a kasa shida: shi 3, uwa 1, uba 2. Da an ba ta sulusin duka, da ta ninka uba.

8. Mahaifinmu ya rasu kafin kakanmu. Muna da gado a dukiyar kaka?

Idan kakanku ya bar ɗa namiji ko ɗaya a raye, ba ku da gado. Baffanku ya fi ku kusa da mataki ɗaya, kuma ka'idar kusanci da aka faɗa a tambaya ta 2 ba ta duba maraici. Mamaci ba ya gadon wanda ya mutu bayansa, balle ya bar wa 'ya'yansa. Idan kuwa 'ya'ya mata kaɗai kakan ya bari, to ku ne asaba: gwaggonninku su ɗauki yankakken rabonsu, ku kwashe saura, namiji biyu mace ɗaya.

Maganin wannan yana hannun kaka tun yana da rai. Jikan da aka kange ba magaji ba ne, don haka wasiyya ta halatta gare shi har zuwa sulusin dukiya, kuma ana fitar da ita kafin a raba gado. Ƙasar Masar ta mayar da irin wannan wasiyya tilas da doka a 1946. A fiƙihun Malikiyya ba tilas ba ce, sai kakan ya furta ko ya rubuta, da shaidu.

Wani abu mai kama da wannan: idan asaba 'ya'yan 'yan'uwa ne, da kai ake rabawa, ba da ɗaki ba. Wan mamaci ya bar ɗa ɗaya, ƙaninsa ya bar uku, dukansu shaƙiƙai. Kashi huɗu za a yi, kowa ɗaya. Ɗan wan ba zai ce a ba shi rabi don ya tsaya a madadin ubansa ba.

9. Mene ne ɗan'uwa mai albarka da ɗan'uwa mai shu'umci?

Laƙabi ne da malaman gado suka sa wa namijin da zuwansa ke sauya rabon 'yar'uwarsa. Mamaci ya bar 'ya'ya mata biyu da 'yar ɗa. 'Ya'yan sun cika sulusi biyu, babu abin da ya rage wa 'yar ɗa a rabon mata. Amma idan akwai ɗan ɗa tare da ita, sai ya ja ta cikin asaba su raba sulusin da ya rage. Shi ne mai albarka.

Mai shu'umci kuwa akasin haka. Mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙiya da li'abbiya. Miji rabi, shaƙiƙiya rabi, li'abbiya sudusi, a yi auli daga 6 zuwa 7, ta sami ɗaya cikin bakwai. In da akwai li'abbi namiji tare da ita, ta zama asaba, rabi da rabi kuma sun cinye dukiya, sai su fita su biyun babu komai. Bai ci ba, ya hana ta ci.

10. Shin akwai inda shaƙiƙi ke rasa gado alhali 'yan'uwa na wajen uwa sun samu?

A lissafi akwai, kuma ita ce mas'alar da ake kira Mushtaraka ko Himariyya. Mace ta bar miji, da uwa, da li'ummai biyu, da shaƙiƙi. Cikin shida, miji 3, uwa 1, li'ummai 2. Babu saura, shaƙiƙi kuma asaba ne. Hanafiyya da Hanbaliyya sun tsaya a nan, suka ce ba shi da komai. Malikiyya da Shafi'iyya suka bi hukuncin Sayyidina Umar na ƙarshe, suka shigar da shi cikin sulusin, tunda shi ma uwarsu ɗaya da mamaciyar.

Idan dukiyar naira 1,800,000 ce, miji 900,000, uwa 300,000, sai a kasa 600,000 uku, kowa 200,000. A nan ba a fifita namiji, ko da akwai shaƙiƙiya tare da shi, domin da sunan 'ya'yan uwa suka shiga. Li'abbi ba ya samun wannan sassauci, tunda ba ta uwa ya haɗu da ita ba.

11. Kaka yana kange 'yan'uwa kamar yadda uba ke yi?

A wajen Imam Abu Hanifa yana kangewa. Imam Malik ya bi Zaidu ɗan Sabit, ya ce su yi tarayya, amma a zaɓa wa kaka abin da ya fi masa. Idan babu mai yankakken rabo, ko dai a lissafa shi kamar ɗan'uwa ɗaya, ko a ba shi sulusi. Da ɗan'uwa ɗaya, rabi da rabi. Da uku, tarayya za ta ba shi rubu'i, sai a ba shi sulusi su raba saura. Idan akwai masu yankakken rabo, zaɓin uku ne: tarayya, ko sulusin ragowa, ko sudusin dukiya duka. Babin yana da rassa masu wuya, irin wanda ya kamata a kai gaban alƙali ko malamin da ya ƙware a fara'ili maimakon a ƙarasa shi a tsakar gida.

12. Mijina ɗan baffana ne. Zai ci gado sau biyu?

Yana iya ci, kuma da yawan auren zumunci a wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne. Mace ta rasu ta bar 'ya ɗaya da miji wanda ɗan baffanta ne, ba ta da uba ko ɗan'uwa ko 'yar'uwa ko ɗan ɗan'uwa. 'Ya ta ɗauki rabi, miji ya ɗauki rubu'i na aure, ya kuma ɗauki rubu'in da ya rage na asabanci. Idan yana da wa ko ƙane da suke daraja ɗaya, ragowar tasu ce su biyu, aurensa bai ba shi fifiko a kanta ba. Idan kuma mahaifinsa yana raye, to surukin ne asaba, tunda baffa yana gaban ɗan baffa.

13. 'Ya'yana duka mata ne. Dole wani dangi na nesa ya ɗauki saura?

Idan akwai asaba, komai nisansa, saura nasa ne, muddin an tabbatar da kakan da suka haɗu a kansa. Mai mata ɗaya da 'ya ɗaya da ya bar naira 800,000: mata 100,000, 'ya 400,000, ragowar 300,000 ta tafi ga ɗan baffan da wataƙila rabonsa da gidan tun ranar suna. Zafin da iyali ke ji a nan na gaske ne. Amma a tuna yadda abin ya faro. Bayan yaƙin Uhudu matar Sa'adu ɗan Rabi'u ta kawo ƙara cewa baffan 'ya'yanta mata biyu ya kwashe dukiyar ubansu duka. Da ayar gado ta sauka, Annabi (SAW) ya umarce shi ya ba 'ya'yan sulusi biyu, ya ba uwarsu tumuni, saura ya riƙe. Wanda ya ɗauki duka aka mayar da shi kan biyar cikin 24. Su dai asaban nan su ne kuma waliyyan aure, su ne ake ɗora wa diyyar kisan kuskure.

Idan an bincika babu asaba sam, asalin mazhabar Malik shi ne saura ya tafi baitulmali. Malaman Malikiyya na baya sun ce idan babu baitulmalin da ke tafiya kan tsarin shari'a, a mayar da saura ga masu yankakken rabo gwargwadon kasonsu, ban da miji da mata. Shi ake kira raddi. A misalin nan, 'yar ce za ta ƙara da 300,000 ɗin.

Wasiyya ba za ta yi wa 'ya'yan amfani ba, domin babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Abin da ke tsayawa shi ne kyauta da uba ya yi yana cikin ƙoshin lafiya, aka kuma karɓa. A Malikiyya sharaɗi ne wadda aka yi wa kyautar ta mallaki abin a hannunta kafin mai kyautar ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu. Uban da ya ce a gaban mutane ya ba babbar 'yarsa gona, amma ya ci gaba da nomanta yana zuba amfanin a rumbunsa har ya mutu, gonar gado ce, kuma asaba yana da ragowarsa a cikinta.